Kabar da Ban Sa a Jerin Ɓangarori Ba

Ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Sule Tankarkar aka tura mu kwas na sasanta rikici a Gumel, Asabar da Lahadi. Malaminmu dattijo ne mai son alli fiye da hira. Ana saura mako biyu mu gama ya raba mana takarda mai shafi ɗaya: wani manomi ya ci burtali da gonarsa, wato hanyar da shanu ke bi zuwa tafki, makiyaya kuma sun ce ba za ta saɓu ba. Ya ce mu fitar da ɓangarori, da abin da ake jayayya a kai, da buƙatar kowa, sannan hanyoyin mafita.

Ban kai rabin shafin ba na gane ƙauyenmu ne, can bayan Ɗanzomo. An cire sunaye, amma tafkin namu ne, manomin ma na san shi har da tarinsa. Na ji kaina ya yi girma. Sauran ɗalibai za su yi ta lalube, ni kuwa a gida nake.

Na hau babur na je ƙauye ranar Juma'a. Gwaggona, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami, tana zaune da tabarmar da take saƙa a cinya. Da na ba ta labari sai ta dakatar da hannu.

"Ɗan nan, filin da ke gefen burtalin nan, a nan muke yankan kaba. Mu mata ba ma zama a zauren mai gari. In za a yi magana, ka faɗi tamu."

Na ce, "An gama, Gwaggo."

Da na zauna rubutu, komai ya tafi daidai. Na ja layi biyu, manomi da makiyaya, na sa mai gari a matsayin mai shiga tsakani. Jayayya uku ce: faɗin hanya, iyakar gona, da ɓarnar da dabbobi ke yi. Na raba abin da kowa ke faɗa da abin da yake buƙata, yadda aka koya mana. Manomi yana cewa ba zai ja da baya ba, alhali abin da ya dame shi gero ne da zai kai iyalinsa wata kaka. Makiyaya suna cewa sai tsohuwar hanya, alhali ruwa suke so ba tare da an kai su ƙara ba. Na kawo mafita uku, na auna kowacce da waɗannan buƙatu, na zaɓi ta ukun: manomi ya saki burtali, a ba shi filin gefe ya share, tunda ba mai noma shi.

Na tuna da matan, ba zan ce na manta ba. Malam ya sha faɗa mana cewa duk wanda yarjejeniya za ta shafa ɓangare ne, ko ya zo zaman ko bai zo ba. Amma in na ƙara layi na uku, mafitata mai kyau ta rushe, sai na sake tunani daga farko, ga shi Asabar za a karɓa. Na ce wa kaina ai takardar malam ba ta ambace su ba, kuma aikin aji ne kawai.

Ni na zo na ɗaya. Da na tsaya nan, da laifin ya tsaya a kan takarda. Sai son a sani ya kai ni zauren mai gari da ita, na karanta masa. Ya ce, "Malam, ashe karatun naku yana da amfani." Ba a yi wata ɗaya ba aka zauna, aka shirya a kan abin da na rubuta, aka yi addu'a aka watse. Ina wurin, ban kawo maganar matan ba. Kafin damina manomin ya sa gatari da wuta ya share filin tas.

Na daɗe ina kauce wa gidan Gwaggo, kunya ta hana ni. Ranar da na daure na je, na tarar da ita tana gyaran wake, ba kaba ko ɗaya a tsakar gida. Ta yi min barka da cin jarrabawa, da gaske kuma take, har da guɗa. Mai gari ya gaya wa kowa takardar ɗanta ce ta kashe wutar rikicin.

"Na san ka faɗa musu, ba su ji ba ne," in ji ta. "Maza kenan. Kana da ita a nan? Karanta min wurin da ka sa mu."

Tana cikin jakata, don ko'ina da ita nake yawo. Na fito da ita, na buɗe shafin farko, na juya na biyu, na juya na uku. Ta ajiye faifan tana jira. Da ta ga na kai ƙarshe ban sami wurin ba, sai ta ɗauki faifanta.

"Bar shi, ɗan nan," ta ce. "Ka ci abinci kuwa?"