Mita Ɗaya Daga Hannun Dama

Mahaifina, Malam Sammani mai walda, ya shekara arba'in a rumfarsa da ke Ƙofar Durbi. Ba ya alfahari da kuɗi, don ba shi da su. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: bai taɓa ɗora wani abu a sama ya faɗo ba. Tankunan ruwan unguwarmu kusan duk a kan ƙarfensa suke zaune, kuma in kun wuce ta gefensu tare sai ya nuna maka su ɗaya bayan ɗaya, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Bai yi boko ba. Allo ya yi, ya yi nisa, da ajami yake rubuta sunayen masu aiki a bangon rumfa. Komai nasa daga dama yake farawa. Takalmi na dama yake fara sawa, tef ɗin awo kuwa a ƙarshen ƙarfe na dama yake maƙala shi ya ja zuwa hagu. Tun ina yarinya nake ganin haka, don ni nake riƙe masa bakin tef ɗin. Shi ya sa har yau ba ni da wata hujja.

Ni ce Zulaihat, 'yarsa ta uku, ni kaɗai na karanci aikin injiniya, yanzu ina koyarwa. Tun ranar da na gama ya daina kiran sunana. Injiniya kawai yake cewa, da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji.

Shekara biyu da suka wuce, dattawan masallacin unguwa suka sayo tanki mai cin lita dubu biyu don wurin alwala, suka ba shi aikin ɗorawa. Wurin matsattse ne. A gefe ɗaya akwai sabon ginshiƙin siminti, a ɗaya gefen tsohuwar katangar ƙasa da aka shafe da siminti, tsakaninsu mita huɗu. Shawarar ita ce a gitta ƙarfe daga ginshiƙin zuwa katangar, tankin ya zauna a kai. Baba bai yarda da katangar ba. A karon farko a rayuwarsa ya ga dalilin neman lissafi.

Ya yagi kwali ya yi zane da alli, ya sa aka ɗauka a waya aka turo mini. Na buɗe hoton ina tsaye a bakin aji. Layi ne a miƙe, ginshiƙi a hagu, katanga a dama ya yi mata zane-zane, ga lamba huɗu a ƙasa. Kibiyar da ke nuna tankin ya dasa ta kusan a tsakiya, don Baba ba ya zane da ma'auni, a gefenta ya rubuta lamba ɗaya. Bai ja layin da zai nuna daga ina mita ɗayar ta taso ba.

Ni kuwa a duk littattafan da na karanta, daga hagu ake fara awo. Ban ma lura cewa zato nake yi ba. Na ɗauka tsakiyar tankin mita ɗaya take daga ginshiƙi.

Lissafin ba wani abu ba ne, shi nake koya wa 'yan shekarar farko. Ƙarfe ne da ya ɗora kansa a wuri biyu, ana son sanin nauyin da kowane wuri zai ɗauka. Sai ka tsaya a wuri ɗaya, ka ninka kowane nauyi da nisansa daga inda kake, ka tara. Wannan jimlar dole ta yi daidai da abin da ɗaya wurin ke tokarewa da shi an ninka da tsawon ƙarfen, in ba haka ba ƙarfen zai juya. Na tsaya a ginshiƙi. Tanki cike, kilo dubu biyu sau mita ɗaya, dubu biyu. Ƙarfen kansa kamar kilo ɗari, nauyinsa a tsakiya yake, sau mita biyu, ɗari biyu. Na raba dubu biyu da ɗari biyu gida huɗu, katanga ta tashi da kilo ɗari biyar da hamsin. Sauran dubu ɗaya da ɗari biyar da hamsin na ginshiƙi ne. Na haɗa su, suka ba ni dubu biyu da ɗari, daidai da nauyin da ke sama. Har daɗi na ji. Na manta cewa ko an juya tankin ɗaya gefen, jimlar nan haka za ta fito.

Na kira shi na ce katanga za ta ɗauka, ya sa faffaɗan farantin ƙarfe a ƙarƙashin bakin ƙarfen kawai. Sai ya ce, "Injiniya, kin tabbata? Ni hwa gani nike katangar ga ta hi shan nauyin."

Na ce, "Baba, lissafi ba gani ba ne. Ina da aji."

Wannan maganar ita ce ta fi ci mini rai. Mutumin da ya shekara arba'in yana sanin cewa wanda ya fi kusa da kaya shi ya fi jin nauyinsa, ya ajiye saninsa saboda 'yarsa ta ce ta yi lissafi. Da na tambaye shi daga ina ya fara awo, da ya wadatar, ko minti ɗaya ba zai cika ba.

Tankin ya kwana tara a sama. Ranar ta goma, bayan azahar, an cika shi maƙil, sai kan katangar ya murƙushe, ƙarfen ya zame, tankin ya fashe a ƙasa. Allah Ya tsare, mutane sun watse, buta biyu ce kawai ta tafi. Da na zo na tarar da ruwa har bakin titi. Na ɗauki tef na auna inda ya yi waldar mazaunin tankin: mita ɗaya cif daga katanga. A tsaye na sake lissafin. Dubu biyu sau uku, da ɗari biyu, a raba huɗu: dubu ɗaya da ɗari biyar da hamsin. Kusan ninki uku na abin da na faɗa masa.

Na ce wa Baba zan je in gaya wa dattawan laifina ne. Ya hana ni, ya ce in na yi haka bai yafe ba. Shi ya je da kansa ya ce kuskurensa ne, ya sake aikin a kan ginshiƙai biyu. Amma daga nan masu tanki suka koma Kambarawa wurin wani matashi. Baba ya koma yin ƙyaure da gyaran kura, abubuwan da ke ƙasa. Ya daina nuna wa kowa tanki a hanya.

Kwanan baya na kai masa abinci rumfa, na tarar da Alhaji Ado, ɗaya daga dattawan masallacin, suna hira. Bayan mun gaisa sai ya dube ni, ya dubi Baba, ya girgiza kai da tausayi.

Ya ce, "Malam Sammani, kana da injiniya a gida. Da ita ka tambaya, ai da tankin nan bai hwaɗo ba."

Na buɗe baki. Baba ya riga ni, bai ko ɗago daga ƙyauren da yake gogewa ba.

"Haka ne, Alhaji," in ji shi. "Injiniya, aje kwanon nan."

Na ajiye.