Imel ɗin da na karanta a zauren Baba

Ni zanen tambari a waya na koye shi, ba wanda ya zaunar da ni. Aikina na farko a wani shagon buga kati ne a Gaya. A nan Oga, mai shagon, ya kore ni a gaban jama'a, wai na makarar da katin bikin wani ango, alhali shi ya manta bai ba ni sunayen ba. Na haɗiye, amma wallahi ban yafe ba.

Bara wata Hajiya mai injin matsar man gyaɗa a Ajingi ta ba ni aikin tambari da takardar manna wa jarka. Wa ta ɗauka manaja? Oga! Shagonsa ya mutu. Har rawa na taka.

Na san halinsa, yau ya faɗa, gobe ya ce bai faɗa ba. Sai na tsara masa imel na maraba, ladabi kamar zai zuba. Na yi godiya, na jero yadda za mu fara: ya turo sunan kamfani yadda suke son a rubuta shi, da hoton jarkar, da awon inda takarda za ta zauna. Ranar da suka iso hannuna, mako guda zan kawo samfurin tambari uku su zaɓa, sannan takardar jarka ta biyo. Tambaya kan zane, ga lambata. Zaɓen ƙarshe na Hajiya ne. Na sa adireshinta a kwafi, don ita ma ta samu imel ɗin. Ya amsa da "Na gani", shi ke nan.

Bai turo komai ba. Da Hajiya ta fara faɗa, sai Oga ya wanke ƙafa har garinmu Kademi ya kai ƙarata wurin Baba. A garinmu in aka kai ƙararka zaure, sunanka ya ɓaci, kuma aikin nan ne zai buɗe min ƙofa.

Baba ya sa aka kira ni.

"Alhaji, yaron nan bai sauya ba," in ji Oga. "Aiki na hannunsa, yana ta danne-dannen waya."

"Baba, a ba ni izini in karanta abin da na tura masa."

Na karanta a tsanake, kamar mai sanarwar ɗaurin aure. Da na zo kan awon jarka na maimaita. Na ƙare da amsarsa.

"To Malam, ka tura awon?" in ji Baba.

"Ai... jarka duk jarka ce."

Na ce, "Oga, ta lita ɗaya ko ta lita biyar? Kuma Hajiya ma na da kwafi."

Oga ya cire hula ya mayar.

Washegari sunan kamfanin ya shigo tare da hoto: jarka, tef na tela, ga babban yatsansa a gefe. Na amsa masa, "Na gani." A rana ta shida na kai samfurin, don kada ya samu ko da abin taunawa.