Koren Shafi na Ƙauyen Yayata

A shekarar da na yi aiki da wata ƙungiyar ciyar da yara masu tamowa a Talata Mafara, ni ne mai haɗa bayanan taron wata-wata. Ma'aikatanmu na Bakura da Maradun su turo alƙaluma a Excel, ni kuma in mayar da su shafukan PowerPoint da za a haska a bango. Kwafewa da hannu ta ishe ni, sai na rubuta ɗan shirin kwamfuta da harshen Python. Wani sashensa, Openpyxl, ya karanta alƙaluman layi-layi, wani kuma, python-pptx, ya ƙera wa kowane ƙauye shafinsa. Inda yara masu tamowa suka yi yawa shafin ya fito ja, inda babu ya fito kore. In gurbi ya zo fanko, shirin ya sa toka-toka ya rubuta “ba a kai ba”. Motar abinci jajayen ƙauyuka take bi.

To amma shugabanmu mai kula da ma'aikatan ƙauyuka mutum ne da ya tsani gurbi fanko, gani yake lalaci ne. Duk wanda ya bar shi sai ya sha faɗa a gaban jama'a. Saboda haka ƙauyen da 'yan bindiga suka tare wa hanya, ma'aikata sai su cike shi da sifili su huta. Shiri kuwa ba shi da hanci, bai san sifilin tsoro da na gaskiya ba.

Ana cikin taro shafin ƙauyen da yayata ke aure, can bayan Dosara a yankin Maradun, ya fito kore shar. A cikin satin ta samu waya ta ce mini ƙafafun autanta sun kumbura, ko kunu ba ya karɓa.

Na miƙe na ce wa shugaban, “Yallaɓai, wannan sifilin ƙarya ne. Ba wanda ya taka garin nan.”

Ya ce, “Malam, ba na'urarka ce ta fitar ba?”

“Abin da aka ba ta ta fitar.”

Ya waiwayi ma'aikacin Maradun. Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce an je. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma tuwon gidansa yake karewa, amma wallahi ranar na ji kamar in shaƙe shi. Aka wuce shafi na gaba, mota ta tafi wani wuri.

Yayata ta iso Mafara bayan sati uku, a ƙafa da bayan babur, bayanta babu goyo. Na ce, “Yaya, ina auta?” Ta ce sun binne shi kafin su taso, garin ma duk an watse.

Ƙarshen wata na sake kunna shirin, don aiki ba ya jiran makoki. Shafin ƙauyen ya fito kore kamar wancan karon. Na daɗe ina kallonsa, ban gyara komai ba. Wannan karon an je da gaske, kuma babu yaro ko ɗaya a garin.