Mutumin da Bai Taɓa Roƙon Komai Ba

Malam Yamusa mutumin Zariya ne, shi ke riƙe da ɗakin fayil a hukumarmu da ke Garki a Abuja, ni kuma ina sakatariyar darakta. Daga Kurudu yake fitowa kullum, amma bai taɓa makara ba. Idan yana son aron biro, sai ya tambaye ki lafiyar yara, ya yaba biron, ya yi maganar yadda biron zamani ke saurin ƙarewa, har ki gaji ki miƙa masa.

Buƙatarsa ɗaya ce a duniya: a mayar da shi ofishinmu na Kaduna. Mahaifiyarsa, Inna Batulu, tana Zariya, ta tsufa, ƙafa ta ƙi, kuma shi kaɗai ne ɗanta da ya rage. A da, abu ne mai sauƙi. Sai ya shiga wurin oga ya gaishe shi, a taɓa hira, in ya miƙe zai fita ya ce, "Af, na kusa mantawa." A bakin ƙofa ake faɗin abin da ya kawo mutum, kowa ya san haka.

To, a 2008 kuɗin mai ya yi yawa, aka cika mu da kwamfutoci, aka kawo sabon darakta, Mista Zacharias. Mutumin kirki ne, yana jin Hausa ma. Sai dai ya kafa doka: duk mai buƙata ya turo imel da Turanci. A waya yake karantawa, tsakanin wannan taro da wancan, sama da ɗari a rana. Yakan duba kan saƙo da layi biyu na farko. In ya ga abin da ake nema da ranar da ake so, ya amsa nan take.

Malam Yamusa ya zauna ya tsara nasa, ya kawo mini in duba masa Turancin. Kan saƙon, "Gaisuwa". Sakin layi na farko lafiyar oga da iyali. Na biyu godiya ga Allah da ya ba mu shugaba mai tausayi. Na uku yabon Abuja da titunanta. Can ƙasa, a inda bakin ƙofa ya kamata ya kasance, ya ce hanyar Zariya ta yi nisa ga mai tsohuwa.

Na ce, "Malam, ina roƙon yake?"

Ya ce, "Ga shi nan, Murja. Mai hankali ai ishara ta ishe shi."

Na buga masa layi biyu: ina neman a mayar da ni Kaduna daga watan Janairu, saboda jinyar mahaifiyata. Ya karanta, ya ja da baya da kujera.

"Wannan ai cin kwalar mutum ne. In babu hali fa? Kin tilasta masa ya ce a'a, ya ji kunya, ni ma in ji. Nawa kuwa, in ba zai iya ba, sai ya yi kamar bai gane ba, mu rabu da mutunci."

Nasa ya tura. Amsa ta zo cikin minti huɗu: an gode, Allah ya saka. Malam ya gyaɗa kai ya ce oga ya nuna babu hali a bana. A makon nan wani Nazeer, wanda bai shekara biyu da mu ba, ya tura layi ɗaya yana neman Kaduna, don can budurwarsa take. Kafin la'asar aka sa masa hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Kada in wanke kaina. Malam ya hana ni kai maganar, amma na saci jiki na je. Da na tsaya gaban oga, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yallaɓai, tsohuwar Malam Yamusa tana jin jiki." Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya ba ni kwalin madara in kai wa Malam. Ashe ni ma gwanar gyaran na wasu ce.

Sau bakwai ya tura irin saƙon nan cikin shekara huɗu. Inna Batulu ta rasu wata Talata, yana cikin mota a hanyar zuwa wurinta, ko garin Tafa bai kai ba.

Da Mista Zacharias zai yi ritaya, aka yi liyafa, ya kira Malam Yamusa gaba ya ba shi lambar yabo. Ya ce, "Ku yi koyi da wannan bawan Allah. Kowa na turo mini buƙata, shi gaisuwa kawai yake turowa. Sau biyu gurbi ya samu a Kaduna, na ce ba zan tayar da mai son Abuja haka ba. Da ya nemi wani abu, wallahi da na ba shi."

Aka tafa. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya dawo kusa da ni ya zauna. Na kasa kallonsa. Ya daɗe yana shafa lambar da gefen rigarsa, sannan ya ce a hankali, "Kin gani ko, Murja? Bai taɓa ce mini a'a ba."