Ƙafa ta biyar da ta shida

A shekarun da nake gyaran na'urorin asibiti a wani ɗan shago a Gyadi-Gyadi, soja sun daɗe da komawa bariki, bangon shagona ma fastocin 'yan takara sun rufe shi, amma wutar lantarki tana nan yadda muka san ta. Wata safiya maƙwabciyarmu ta shigo da ambulan a hannu. Nas ce 'yar Kudancin Kaduna, ta kusa ritaya, ita ke kula da firjin allurar rigakafi a wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Kowa Sista yake ce mata.

"Injiniya, ƙanena ne ya aiko min wannan. Wai idan firji ya ɗumama zai turo min saƙo a waya. Ka tayar min da shi."

Ɗan allon lantarki ne, bai kai tafin hannu ba, da ƙafafu goma sha biyu a jere, da wurin sa layin waya, da igiyar auna sanyi. Ta ce dole allurar ta zauna tsakanin digiri biyu da takwas. Safe da yamma take dubawa, amma daga Juma'a zuwa Litinin sai addu'a.

Waɗanda suka ƙera allon sun saki zanensa kyauta a intanet, tare da takardar bayani da ake kira README. Na buga ta, shafi uku. Na farko jadawalin ƙafafu ne, wacce ta wuta, wacce ta ƙasa, wato wadda ba ta ɗauke da wuta, wacce ta igiyar awo. Na biyu iyakar wuta: volt biyar ta USB, daga caja mai amfiya biyu saboda sashen layin waya yana zuƙar wuta lokacin tura saƙo, sauran ƙafafun sigina kuwa volt uku da ɗigo uku, kada a wuce. Na uku matakan filashin, wato zuba wa allon manhajar da zai yi aiki da ita: a danne maɓallin BOOT, a jona USB, a saki, a ba da umarni daga kwamfuta.

Na juya allon gaba da baya. Babu maɓalli.

Ban damu ba. Aikin maɓallin kawai ya haɗa ƙafar BOOT da ƙasa a lokacin da wuta ke shigowa. Jadawali ya ce BOOT ce ta biyar, ƙasa ta shida. A jikin allon lambobi ne kawai, babu suna. Na ɗauki ɗan hantsaki na haɗa su, na jona USB. Kwamfuta ta ce tana jira. Ta yi ta jira. Da na ɗora yatsa a kan ƙwaƙwalwar allon sai da na fizge hannuna don zafi.

Sai a lokacin na ɗauki mitar auna wuta, wadda tun farko take gefen gwiwar hannuna. Ƙafa ta shida volt biyar ce, ba ƙasa ba. A bayan allon, da rubutu ƙanƙane, an sa v1, wato ƙirar farko. Takardar kuwa ta v2 ce, layi ɗaya ne ya faɗi haka a ƙasan shafin ƙarshe. Na tona tsofaffin kwafin takardar, babu wanda ke da jadawalin v1.

Da la'asar Sista ta biyo daga aiki.

"Ya tashi?"

"Sista, na ƙona shi."

Ta zauna a bencin ƙofa ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. "Ba a gyarawa?"

"Sai an canza ƙwaƙwalwar. Zan nema."

Na nema. Na zaga masu kayan lantarki a Sabon Gari, kowa ya juya allon ya miƙo min. Ƙanenta ya ce wajen wani taro aka ba shi, guda ɗaya ne. Na rubuta wa maƙeran a shafinsu, da Turancin da na iya, na roƙi jadawalin v1 da inda zan samu wani. A saman tambayata akwai ta wani mutum daga wata ƙasa, irin tawa sak, ta shekara biyu ba amsa. Kullum in na buɗe shago sai na duba. Har na daina gaya wa Sista na duba.

Hutun Babbar Sallah ya haɗe da ƙarshen mako. Batirin solar asibitin ya mutu a cikin kwanakin, ba wanda ya san ranar. Da Sista ta koma ta tarar da cikin firjin da ɗumi. Ita da kanta ta ware kwalaben allurar da suka lalace ta rubuta rahoto, ta fita ta gaya wa matan da suka yi layi da jarirai su dawo wani makon. Ta ce min wata daga Unguwa Uku ta tambaye ta ko tabbas ne, don sau biyu ke nan tana zuwa.

Na ce, "Da allon yana aiki..."

"Bari, Injiniya. Wa ya sani ko saƙon ma zai shigo."

Bayan wannan, duk Lahadi in an tashi daga coci sai ta hau adaidaita ta je Tarauni ta buɗe firjin ta duba, da kayan cocinta a jiki. Haka ta yi har ta yi ritaya ta koma garinsu.