Kalmomi Ɗari Biyu da Hamsin na Sista

Uwar Biyu tana cire murfin na'urar buga takardu, da safiyar Talata, mai shara ta leƙo ofishin ajiyar katunan marasa lafiya ba ko sallama. Tsintsiya na hannunta.

"Sista ta cika," in ji ta. "Yanzu aka rufe ta da zane."

Uwar Biyu ta ce, "Wace Sistar?" alhali ta sani. Ta zauna a kan kwalin tsofaffin katuna. Kwana uku kacal Sista ta yi tana zazzaɓi.

Shekara goma sha tara Sista ta yi tana awon masu ciki a wannan ƙaramin asibiti. Doguwar mace ce mai sanyin murya, 'yar direban babbar mota, wadda ta riƙe ƙannenta huɗu bayan rasuwar uwarsu. Ba ta tsoron jini, ba ta tsoron haihuwar da ta zo a gicciye, amma in Babban Likita ya yi gyaran murya a baranda, sai biro ya faɗi daga hannunta. Uwar Biyu kuwa daga sakandare ta tsaya, ta koyi buga takardu. Sista ce ta karɓi haihuwar tagwayenta, daga nan suka zama kamar ciki ɗaya.

Abin da ya hana Sista sukuni shi ne jijjiga, ciwon nan da ke kayar da mai ciki in jininta ya hau. A da, in jinin mace ya hau kaɗan, magani ake ba ta ta koma gida. Sista ta roƙa aka bar ta tana gwada fitsarin kowace mai hawan jini a kowane awo, a kwantar da wadda gwajin ya nuna haɗari. Ta tara lissafin shekara biyu. A shekarar farko, cikin mata ɗari biyu da arba'in masu hawan jini, ashirin da biyu sun yi jijjiga. A ta biyu, bakwai ne cikin ɗari biyu da hamsin da biyar.

Da ta ji za a yi taron ungozomomi da likitoci, ta rubuta taƙaitaccen bayanin binciken don a ba ta damar magana. Ta sa sunan Babban Likita tare da nata, shi kuma ya ƙara sakin layi a sama, na tarihin asibitin da ci gaban da aka samu a zamaninsa. Wata ranar Alhamis, watanni kafin rasuwarta, ta kawo wa Uwar Biyu. Jumma'a ƙarfe sha biyun rana za a rufe karɓa.

Uwar Biyu ta buga, ta zuba a akwatin da ke shafin taron na intanet. Lambar adadin kalmomi ta fito da ja a ƙasa.

"Yaya, ɗari huɗu da goma ne. Su kuma ɗari biyu da hamsin suke so."

"Danna haka nan, ko za su yi haƙuri."

"Na'ura ce fa, ba surukarki ba. Duba inda ta datse."

Akwatin ya tsaya a tsakiyar bayanin yadda aka yi aikin. Sakamakon gaba ɗaya ya faɗi waje.

Suka zauna da jan biro. Godiya ga ma'aikata ta fara tafiya, don ba a sa ta a irin wannan rubutu. Sunayen littattafan da ta karanta suka bi. Bayanin mene ne jijjiga ma ya tafi, tunda masu karantawar sun fi kowa saninta. Duk jimlar da ta maimaita 'yar'uwarta aka soke ta. Sista tana jin kowace kamar ana cire mata haƙori. Suka sauko ɗari uku da talatin.

Uwar Biyu ta ce, "Nan da kika rubuta an samu raguwar jijjiga bayan fara gwajin, a ce gwajin ya hana jijjiga mana. Ya fi gajarta."

"A'a, ƙawata. Ban raba mata gida biyu na gwada ba, shekara da shekara na kwatanta. Abin da na gani zan faɗa."

Saura tamanin. Dukansu suka zuba wa sakin layin Babban Likita ido. Kalma casa'in da biyu ne.

Da la'asar Sista ta je ofishinsa, Uwar Biyu na biye da ita da takardar. Ya karanta a tsaye.

"Wannan ai mai sauƙi ne. Cire lambobin shekarar farko da wannan dogon kwatancen. Ki ce za a bayyana sakamako a wurin taro."

"Ranka ya daɗe, in babu ashirin da biyun, bakwai ɗin ba ta nuna komai. Kuma sun rubuta ba sa karɓar bayanin da ba sakamako."

"So kike a tsaya gaban mutane a ce mata ashirin da biyu sun yi jijjiga a asibitina?" Ya miƙa mata takardar. "Gabatarwata ba a taɓa ta. In kin taɓa, cire sunana. Sauran kuma ke kika sani."

A baranda Sista ta jingina da bango. Saura mata shekara shida ta yi ritaya, ga autarsu a makarantar koyon jinya. Ta ga yadda aka yi da wani mai haɗa magani da ya yi wa Babban Likita gardama.

Washegari ƙarfe sha ɗaya Sista ta shigo ofishin Uwar Biyu, idanunta sun faɗa. Ta karɓi jan biron da kanta, ta mayar da kalma casa'in da biyu jimla ɗaya mai kalma goma sha ɗaya: jijjiga na kashe masu ciki, kuma ana makara wajen gano ta. Dalilin aikin, yadda aka yi shi, sakamako da lambobinsa huɗu, abin da ya nuna, kowanne ya zauna a wurinsa. Lambar ta koma baƙa: ɗari biyu da arba'in da tara.

"Sunansa fa?" in ji Uwar Biyu.

"Cire. Shi ya ce." Ta runtse ido. "Danna da sauri kafin in dawo hayyacina."

Bayan sati biyu aka ɗauke Sista daga ɗakin awo aka kai ta ɗakin wankin ciwo. Da safe takan biya ta tagar ɗakin awon ta tambayi wadda ta gaje ta, murya ƙasa-ƙasa, ko ana gwajin. Wata rana ana yi, wata rana ba a yi. Duk takardar da masinja ya kawo, sai ta ɗauka ta sallama daga aiki ce.

Amsar taron ta iso ranar Alhamis ɗin da ta gabaci rasuwarta. Uwar Biyu ta buga ta, ta ruga ɗakin wankin ciwo. Sista na naɗe wa wani dattijo ƙafa, ta ce a karanta mata, ita ba za ta iya ba.

"Sun karɓa, Yaya. Za ki tsaya ki yi magana. Minti goma suka ba ki."

Sista ta ɗaure bandejin, ta wanke hannu, ta daɗe tana goge shi.

"Minti goma? Ni da in na fara gaisuwa kawai sai na ci biyar?"

"Sai mu sake yankewa."

"To ki nemo sabon jan biro, wancan ya ƙare. Ranar Litinin zan zo."

"Allah ya kai mu, Yaya."

"Amin, ƙawata. Ki gaida min 'yan biyu."