Atamfar Inna Sabuwa

Ta bango na ji Hajiya Rashida tana yi wa maƙwabcina Nu'uman, mai gyaran hoto, faɗa: "Atamfa ɗaya ce za ta cinye maka yini?"

A hoton bikin 'yarta kowa na cikin shuɗin anko, ban da surukar Hajiya, Inna Sabuwa, wadda aka ƙi kai wa ankon. Hajiya na gudun dangin mijinta su gani, shi ya sa take so a mai da atamfar Inna shuɗiya. Atamfar Inna ruwan ƙasa ce, kamar kujerar da take zaune a kai da fatar hannunta. In kwamfuta ta zaɓi launin, duk za su koma shuɗi. Sai Nu'uman ya bi gefen atamfar a hankali, ya keɓe ta, ya sauya launinta kaɗai.

A bakin ƙofa ya ce, "Dangi za su yarda, Hajiya. Inna dai ta san abin da ta sa."